Waƙar Rarrashin Nana Aisha, Ranar Suna a Daura

Yi shiru 'yar lele, yi shiru,
Barci ya zo, ayya, yi shiru.

Kwana bakwai ke nan da zuwanki,
Liman ya raɗa miki suna da hantsi,
An raba goro, an yanka ragonki,
Wanzami ya sauke gashin cikinki.

Yi shiru 'yar lele, yi shiru.

Aisha takwarata, kishiyar kaka,
Kin zo ƙwace mini tsohon mijina?
Ɗauke shi, na bar miki har da sandarsa.
Uwarki na shan kunun kanwa,
Nono zai zo, kada ki yi kuka.
Ruwan Kusugu ne a jininki,
Jikar Daurama, Allah ya raya.

Yi shiru 'yar lele, yi shiru,
Barci ya zo, ayya, yi shiru.