Amsata kan kiran da kika yi mini game da gurbin babbar akanta

Assalamu alaikum Malama,

Barka da aiki, da fatan kin tashi lafiya. Na gode da kiran da kika yi mini jiya da rana, da kuma haƙurin da kika yi da hayaniyar da kika riƙa ji a bayana. A ƙofar makarantar yara kiran ya same ni, shi ya sa na roƙi ki bar ni in ba ki amsa a rubuce. Na karanta bayanin gurbin da kika turo ta imel. Ina son aikin, kuma ina so ki gabatar da sunana. Amma akwai abubuwan da gara mu daddale su tun yanzu, kada ki kai ni gaban kamfanin sannan wata magana ta ɓullo daga baya.

Bari in fara da abin da na ji kin ɗan yi jim a kansa, wato shekarun da babu komai a takardar tarihin aikina. Na ajiye aiki a ƙarshen 2017, bayan haihuwar ɗana na biyu. Kafin nan na yi shekara tara a sashen kuɗi, huɗun ƙarshe ina riƙe da albashin ma'aikata da daidaita lissafin banki, ni ce kuma nake haɗa rahoton ƙarshen wata in miƙa wa manajan kuɗi. Ba sallama ta aka yi ba, ba kuma saɓani muka samu ba. Ni na rubuta takarda da hannuna, na ba da wa'adin wata uku, na koya wa wanda ya gaje ni aikin, sannan na tafi rainon 'ya'yana. Daga baya na haifi ta uku. Autar ta shiga firamare a watan Satumban da ya wuce, shi ya sa na fito neman aiki yanzu.

Kin ba ni shawarar a rubuta waɗannan shekaru a matsayin "aikin ba da shawara mai zaman kansa", don kada takardar ta yi rami. Na san da kyakkyawar niyya kika faɗa, na kuma san akwai masu ɗaukar aiki da ke ajiye takarda da zarar sun ga giɓi. Duk da haka ki yi haƙuri, ba zan iya ba. Aikin akanta amana ce, kuma duk wanda zai ba ni makullin albashin mutane yana da haƙƙin ya tarar abin da na rubuta game da kaina daidai yake. Tambaya biyu kacal a intabiyu ta isa ta warware irin wannan kwaskwarima: su wa kika ba shawarar, ina za mu same su? Na sa layi ɗaya a takardar: "2018 zuwa 2025, hutun rainon yara." Don Allah a bar shi haka. In kamfanin ba zai iya karanta wannan layin ya ci gaba zuwa na ƙasa ba, to gara mu sani tun da wuri, kada mu ɓata wa juna lokaci.

Abin da ya fi muhimmanci, a ganina, shi ne ko hannuna bai mutu ba. Tambaya ce da ta dace, ni ma da ita zan fara da ni ce mai ɗauka. Ban bar rajistata ta ƙungiyar ƙwararrun akantoci, wato ACCA, ta mutu ba, kuma na cika darussan ƙarin sani na bana, raka'a 40 kamar yadda ake nema, takardun shaidar suna cikin abin da na haɗo miki. Na san abubuwa sun sauya bayan tafiyata. Sababbin ƙa'idojin haɗa rahoton kuɗi na duniya, IFRS 9 da IFRS 15, sun fara aiki a Janairun 2018, ina fita ke nan, sai IFRS 16 ta biyo baya a 2019. Wannan ta ƙarshen ce na fi zama a kanta, domin na ga a bayanin gurbin cewa rumbunan ajiyar kamfanin da motocin rabon kayansa duk na haya ne. A zamanin da nake ofis, kuɗin irin wannan haya kashewa ce kawai da muke shigarwa wata-wata. Yanzu sai an nuna damar amfani da abin a matsayin kadara, a nuna abin da ya rage a biya a matsayin bashi, in ban da hayar da ba ta wuce wata 12 ba ko ta kaya masu ƙaramar daraja. Na zauna na gina jadawalin irin wannan haya tun daga tushe, har da raba biyan kowane wata tsakanin uwar kuɗi da ruwa, don kada sanina ya tsaya a karatu. IFRS 9 ma ta shafe su kai tsaye, tunda suna ba 'yan kasuwa kaya bashi: ba a jira sai bashi ya lalace kafin a ware masa tanadi, tun farko ake ƙiyasta abin da ba zai dawo ba. Ina kuma biye da IFRS 18 da aka fitar a 2024, wadda za ta fara aiki a 2027. Tunda sai an sake tsara alƙaluman 2026 don kwatantawa, zan so in ji ko sashen ya fara shiri.

Ta fuskar kwamfuta, Excel ban taɓa rabuwa da shi ba. Na bar VLOOKUP na koma XLOOKUP, kuma ina amfani da Power Query wajen tsabtace bayanan banki. QuickBooks da Sage na yi aiki da su shekaru. SAP da aka ambata a bayanin gurbin kuwa ban taɓa aiki da shi a ofis ba, kwas kawai na yi. Ki gaya musu haka yadda yake. Zan buƙaci wanda zai zauna da ni a rufe littattafan wata na farko, bayan nan ina sa ran tsayawa da ƙafata.

Akwai kuma ɗan abin da na riƙa taɓawa ina gida. Tun 2021 ni ce ma'ajin ƙungiyar iyaye da malamai ta makarantar yarana, kuma ina riƙe wa wata 'yar'uwata littattafan ƙaramar sana'arta, daga rasit zuwa takardun haraji. Ba zan ce wannan daidai yake da sashen kuɗi na kamfani mai ma'aikata ɗari biyu ba. Amma wanda ya taɓa tsayawa gaban taron iyaye yana bayanin inda kuɗinsu ya shiga ya san odita ba ya fin su tambaya.

Gani ya kori ji. In suna shakka, su ba ni gwaji: bayanin banki na wata guda da littafin kuɗi in daidaita, ko jadawalin albashi da aka cusa wa kurakurai in zaƙulo. A shirye nake in zauna a ofishinsu in yi, su sa mini agogo.

Sai maganar lokaci. Zan iya kasancewa a ofis daga 8:00 na safe zuwa 5:00 na yamma, Litinin zuwa Juma'a. Mun tsara ɗauko yara da kula da su bayan tashi daga makaranta, har da wanda zai tsaya in ɗayansu ya kwana ba lafiya, don haka ba sai wannan ya zama abin tattaunawa a intabiyu ba. Na san ƙarshen wata ba ya bin agogo. A kwanakin rufe littattafai da lokacin odit zan iya kaiwa dare, muddin na san ranakun tun gaba. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne aikin da kullum sai an wuce lokaci ba sanarwa. Kin ce ana barin ma'aikatan sashen su yi kwana biyu a mako daga gida. Shin wannan yana rubuce a takardar ɗaukar aiki, ko kuwa alfarma ce ta manajan da ke wurin yanzu? Ina tambaya ne saboda alfarma takan tafi da mai ita.

Kin tambayi albashina na ƙarshe. Zan so mu bar wannan lambar, ba don ɓoye-ɓoye ba. Albashi ne na 2017, na wani matsayi daban, kuma komai ya yi tsada tun daga lokacin. In aka ɗora sabon tayi a kansa, za a biya ni ƙasa da wanda ke zaune a teburin da ke kusa da nawa muna aiki iri ɗaya. Ki faɗa mini mafi ƙanƙanta da mafi yawan abin da kamfanin ya ware wa gurbin, tare da alawus, fansho da inshorar lafiya, ni kuma in gaya miki a ranar ko za mu daidaita. Haka nan kin ambaci wani gurbin mataimakiyar akanta "don in fara sabawa". Na gode, amma wannan matakin na wuce shi tun 2013. In bayan gwaji suka ga ban kai babban gurbin ba, sai mu zauna mu yi magana kan dalili.

Ni ma ina da tambayoyi. Kamfanin ne zai ɗauke ni kai tsaye, ko ta hannun ofishinku ne da kwantiragi? In kwantiragi ne, na wata nawa, kuma wa zai riƙa biyana? Wata nawa ne lokacin gwaji? Mutum nawa ne a sashen, kuma wa zan riƙa kai wa rahoto? Sannan wadda ta fi damuna: me ya sa kujerar ta zama babu kowa? In ƙarin girma aka yi wa mai ita, madalla. In kuwa mutum uku ne suka bar ta cikin shekara biyu, zan so in ji tun daga bakinki.

Na amince ki tura takarduna ga wannan kamfani kaɗai. In wani gurbin ya taso a wani wuri, ki taɓa ni tukuna kafin ki tura. Mutum biyu sun yarda su ba da shaida a kaina, tsohon manajan kuɗin da na yi aiki a ƙarƙashinsa da shugabar makarantar da nake riƙe wa ƙungiyarta kuɗi. Zan ba ki lambobinsu idan an kai matakin tayi, don kada a riƙa kiransu a kan kowane gurbi.

Zan iya fara aiki mako biyu bayan na karɓi takardar ɗauka. Don intabiyu kuma, Talata ko Alhamis tsakanin 9:00 na safe da 1:00 na rana sun fi mini, a ofis ko ta bidiyo, duk wanda ya fi musu sauƙi. In za ki sake kira, kowace safiya kafin azahar za ki same ni a natse.

Na haɗo takardar tarihin aikina da aka sabunta, shaidar rajistata, da jadawalin hayar da na ambata, ko manajan kuɗin zai so ya duba kafin mu haɗu.

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. A huta lafiya.

Rabi'atu