Buhu Arba'in

Warin ne ya fara tarbar Nuhu tun kafin ya ƙarasa rumfar. Ya sauka daga turotoro, motar haya, a kasuwar albasa ta Adjen Kotoku da ke bayan garin Accra da sassafe, ƙasa jiƙe sharkaf da ruwan daren jiya, yana ta lissafin riba a ransa. Da ya yaye ledar da ya lulluɓe buhunan, wani zafi ya bugi fuskarsa kamar an buɗe tukunya.

Buhu 40 na albasar Galmi ya saya kwana shida da suka wuce, kowanne sidi 900. Cikin sidi 36,000 ɗin, 20,000 guminsa ne na shekara uku yana sayar da albasa a kwano, tun bayan da aka taso 'yan albasa daga Agbogbloshie a 2021. Sauran 16,000 kuɗin adashen mahaifiyarsa ne, mai koko da ƙosai a Nima.

Ran da motar ta iso, dillali ya ce arha ce ta faɗo. Bai faɗa masa motar ta lalace a hanya bayan garin Paga na kan iyakar Ghana da Burkina Faso ba, ta kwana huɗu ƙarƙashin tamfol ana ruwa. Nuhu ya leƙa bakin buhu biyu, ya ga jar albasa tana sheƙi, ya tura kuɗi ta momo, wato ta waya. Washegari wata mata daga Makola ta taya buhu goma a kan 950, ya ƙi, wai jira yake ta kai 1,200.

"Kawu, na shiga uku," ya ce, muryarsa na rawa.

Kawu Idi bai tanka ba. Ya ajiye butarsa, ya sa hannu can gindin buhu, ya zaro albasa ɗaya ya danna wuyanta da babban yatsa. Ruwa ya tsarto.

"Daga nan take ruɓewa, ɗana. An cire ta wuya bai bushe ba, ta sha gumi a mota, kai kuma ka jibge ta a ƙasa ka toshe mata iska da leda, ga damina. Kawo wuƙa. Kuka ba ya tsince albasa."

Nuhu so yake ya je ya cakumi dillalin. Kawu ya ce dillali ba ya ruɓewa, albasa ce ba ta jira.

Kwana uku suka yi a durƙushe. Aka farke buhunan ɗaya bayan ɗaya, aka baza a kan katako tsayin taki ɗaya daga ƙasa, ba a ɗora wata kan wata ba. Mai tauri, wadda ɓawonta ke ƙara in an murza, gefe guda. Wadda ruɓa ta ci saman kawai a ɓare ta, a sayar wa masu abinci ranar, don ba ta kwana. Mai laushi da baƙin gari a ƙarƙashin ɓawo kuwa sai bola. Duk lokacin da Nuhu ya yi sauri ya jefa mai tabo cikin masu kyau, Kawu sai ya tsamo ta ya miƙa masa, ba ya cewa uffan. Hannun Nuhu ya yi ta wari har sati, ko a turotoro mutane matsawa suke.

Buhu 13 suka fita lafiya, aka sayar 950. Bakwai na ɓararriya suka tafi a 300. Buhu 20 sai da ya biya mai aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, sidi 300 ya kwashe zuwa bola. Abin da ya rage a hannunsa 14,150, ko kuɗin tsohuwa bai cika ba.

Da dare ya ajiye mata kuɗin a kan tabarma. Ta ƙirga, ta ware 5,000 ta turo masa.

"Inna, ai naki ma da saura."

"Na iya lissafi. Ka koma kasuwa."

Ya koma kwano. Buhu biyu, in sun ƙare ya ƙara biyu, duk Juma'a yana kai mata 400.

Wata biyar bayan haka wata mota ta iso da azahar, dillalai na ihu, samari na rige-rigen tura kuɗi. Nuhu ya fara zagayawa wajen direba, ya saya masa shayi, ya tambaye shi ran da ya yi lodi da inda ya kwana. Sannan ya nuna buhu daga tsakiyar mota, ba na bakin ƙofa ba, ya ce a zazzage masa shi ƙasa gaba ɗaya. Dillalin ya yi tsaki.

"Kai yaro, kafin ka gama wannan bincike kaya sun ƙare!"

"To, Allah ya ba mai rabo."

Ya tsuguna yana danna wuya ɗaya bayan ɗaya. Daga rumfarsa Kawu Idi ya ɗago kai ya dube shi, ya ci gaba da alwala.

"Buhu nawa?" in ji dillalin, bayan ya gaji da tsayuwa.

"Huɗu. In na sayar, ka gan ni jibi."