Roƙon sake duba dakatar da shafina, ƙorafi mai lamba 4471-0938

Zuwa ga sashen da ke duba ƙorafin masu shafuka,

Bayan gaisuwa. Ni 'yar jarida ce a Kano, ina aiko da rahotanni kan noma da yadda ake kashe kuɗin ƙananan hukumomi. Kun dakatar da shafina ranar Laraba 18 ga Yuni, 2025, da ƙarfe 2:14 na dare agogon Najeriya, wato 1:14 a agogon GMT, idan da shi rajistarku take aiki. Sanarwar da kuka turo ta ambaci laifi biyu, barazanar tashin hankali da fallasa bayanan sirrin wani, amma ba ta faɗi wane rubutu ne ya jawo hukuncin ba. Da ƙarfe 8:05 na safiyar ranar na ɗaukaka ƙara ta fom ɗinku, aka mayar mini da amsar ƙi da ƙarfe 8:09. Bidiyon da nake zargin shi ne sanadi tsawonsa minti shida da daƙiƙa ashirin ne. Minti huɗu ba su isa a kalle shi ba, balle a karanta takardun da ke tare da shi. Shi ya sa nake roƙon mutum mai jin Hausa ya zauna ya duba lamarin tun daga tushe.

Ga abin da na wallafa. Ranar Talata 17 ga Yuni da ƙarfe 4:30 na yamma na saka rahoto kan rabon takin zamani mai rangwame a wata ƙaramar hukuma. Takardar fitar da kaya ta nuna an ware wa mazaɓa ɗaya buhu 600 na NPK, mai kilo 50 kowanne. Littafin sito kuwa buhu 410 ya nuna sun shiga. Rahoton ya tambayi inda buhu 190 suka maƙale. Na sa hoton takardun biyu, da muryar manoma uku da suka amince a ji su, da bidiyon siton. Tun ranar 26 ga Mayu na rubuta wa ofishin da abin ya shafa a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. Ba su amsa ba. Na sake kiran kakakinsu sau biyu, na tura masa tambayoyin a rubuce kwana biyu kafin wallafawa, kuma na faɗi haka ƙarara a cikin rahoton. Takardar da aka buga wa hatimin karɓa tana cikin abin da na haɗo, ita ce hujja ta 1.

Zargin barazana, a iya fahimtata, daga wuri biyu zai iya fitowa, kuma dukansu harshe ne ya haddasa.

Na farko kanun rahoton ne, inda wani manomi ya ce an yi "kashe-mu-raba" da takinsu. Wanda ya fassara wannan kalma da kalma zai ga kisa a ciki. Duk Bahaushe ya san ba rai ake nufi ba: haɗa baki ne tsakanin mutum biyu ko fiye a cinye dukiyar da ba tasu ba, kowa ya ɗauki kasonsa. Haka muke cewa an kashe kuɗi, an kashe fitila, an kashe aure, an kashe magana. A cikin rahoton kalmar "kashe" ta fito sau bakwai, shida a kan kuɗi, ɗaya a wannan kanun. Akwai kuma "kashi", da na yi amfani da ita wajen cewa kusan kashi 32 cikin ɗari na takin bai iso ba. Harafi ɗaya ne ya raba su, kuma mai sauri da bai iya harshen ba zai iya haɗa su wuri guda.

Na biyu ya fi ba ni takaici. Da ƙarfe 9:40 na daren Talata wani ya turo mini saƙon murya yana cewa idan ban sauke rahoton ba kafin asuba, za su yi maganina, sun san hanyar da nake bi. Na rubuta kalamansa a shafina, na sa su cikin alamar zance, na ɗora da cewa wannan shi ne saƙon da aka aiko mini, kuma na adana shi. Ban sa lambarsa ba, ban kama sunan kowa ba. Idan wannan rubutu ne aka kai ƙara, to an hukunta wadda aka yi wa barazana ne da kalaman wanda ya yi mata. Ku karanta jimlar da ke sama da alamar zancen da wadda ke ƙasa da ita, za ku ga waye mai magana. Asalin muryar, da lokacin da ta shigo, ita ce hujja ta 2.

Kan bayanan sirri kuwa, akwai kuskure daga wajena kuma ba zan ɓoye shi ba. A hoton littafin sito da na fara sakawa, lambar wayar mai kula da siton ta fito a gefen shafi, an rubuta ta da biro. Na rufe sa hannu da sunaye amma ita ta kuɓuce mini. Wani abokin aiki ya ankarar da ni, na goge hoton da ƙarfe 5:10, minti arba'in bayan wallafawa, na mayar da wanda aka rufe lambar, sannan na kira mutumin na ba shi haƙuri. Rajistarku za ta nuna lokacin gogewar. Idan dokarku ta ce wannan ya cancanci gargaɗi, na karɓa. Amma hoton ya riga ya bar shafina awa tara kafin dakatarwar, kuma shafin bai taɓa samun gargaɗi ko ɗaya ba cikin shekara takwas.

Yanzu ga abin da ya sa nake cewa taron dangi aka yi wa shafin. Tsakanin ƙarfe 10 na dare da ƙarfe 2, an yaɗa wani saƙo a zaurukan hira na waya aƙalla uku. Wani da ke cikin ɗaya daga zaurukan ya turo mini hoton allon wayarsa, shi ne hujja ta 3, kuma na rufe sunansa da lambarsa domin zai iya shiga matsala. Saƙon yana ɗauke da adireshin shafina, da umarni mataki-mataki: a shiga, a danna ɗigo ukun nan na saman rubutu, a zaɓi kai ƙara, a zaɓi barazanar tashin hankali, kada a zaɓi labarin ƙarya domin "wannan ba ya sa a rufe shafi da wuri". An ce duk wanda ya yi ya turo shaida a ba shi data. Mutumin da rubutu ya tsorata da gaske ba sai an koya masa akwatin da zai danna ba.

Ni ba na ganin rajistar ƙararrakin, ku ke gani. Abin da na iya ƙirgawa kafin a rufe ni shi ne sharhi 312 da suka shigo cikin waɗannan awanni huɗu, alhali a irin wannan lokaci na dare sharhin da nake samu bai wuce ashirin ba. A cikinsu 94 jimla ɗaya ce sak, har da kuskuren rubutu iri ɗaya, "rifot" an rubuta ta "rifto". Na buɗe shafuka arba'in daga cikin masu sharhin, 27 an ƙirƙire su ne a watan Mayu ko Yuni na bana, babu hoto, babu wani rubutu nasu na kansu. Ina roƙon ku duba abin da ni ba zan iya ba: ƙararraki nawa suka shigo a kowace awa, yaushe aka buɗe shafukan da suka kai su, nawa ne suka fito daga waya ɗaya, nawa ne suka buɗe bidiyon kafin su danna, kuma ko waɗannan shafuka sun taɓa haɗuwa a kan wani ɗan jarida a baya. Ƙara ɗari uku da aka kwafa daga saƙo guda, ƙara ɗaya ce.

Akwai wani abin da ya fi gaggawa. Ranar Alhamis 19 ga Yuni wani shafi ya ɓullo da sunana da hotona, an ƙara ɗigo ɗaya a ƙarshen sunan. Ya rubuta wai na janye rahoton, na nemi gafara, kuma yana bin mutane ta akwatin saƙo yana cewa duk mai wata takarda kan takin ya turo masa. Wannan tarko ne ga majiyoyina, kuma ba ni da bakin da zan gargaɗe su tunda nawa shafin a rufe yake. Abokan aiki biyar sun kai ƙararsa, har safiyar yau yana nan. Adireshinsa da hotunan saƙonninsa su ne hujja ta 4. Ko da duba nawa lamarin zai ɗauki lokaci, ku sauke wancan yau.

Na san sashe na 22 da na 39 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, waɗanda suka ɗora wa 'yan jarida bin diddigin gwamnati suka kuma kare faɗin albarkacin baki, ba su ne ke tafiyar da kamfaninku ba. Dokokinku nake so a auna ni da su. Abin da nake nema bai wuce abin da Ƙa'idojin Santa Clara na 2018 suka tanada ba: a gaya wa mutum rubutun da aka kama shi da shi da dokar da ya karya, kuma ɗan Adam da ba shi ya yanke hukuncin farko ba ya saurari ƙararsa.

Don haka ina roƙon ku faɗa mini takamaiman rubutun da sashen dokar. Ku ba mai jin Hausa rubutun a yadda na yi shi, kada a ba shi fassara. Idan ya ga babu barazana, a buɗe shafin da mabiyansa 38,000 da duk abin da ke ciki, a kuma cire tabon daga tarihinsa, domin tabo ɗaya kan sa ƙara ta gaba ta yi saurin kama mutum, kuma waɗanda suka yi wannan za su sake. Idan akwai jimla guda da kuka ga ta saɓa, ku nuna mini ita in gyara ko in cire, maimakon a rufe aikin shekara takwas. Kafin ku yanke hukunci, kada a goge komai, musamman akwatin saƙo: barazanar da aka yi mini tana ciki, kuma lauyana zai buƙace ta a yadda take. Ku ba ni damar sauke kwafin bayanaina, domin yanzu maɓallin ba ya aiki. Hujja ta 3 kuma kada ta fita daga hannun mai dubawa.

Na haɗo katin shaidar aikina da wasiƙar editan da ya tace rahoton, su ne hujja ta 5 da ta 6. Idan kuna son tabbatar da ni ce, zan iya yin bidiyon fuska ko in amsa ta wannan adireshin imel, wanda shi ne ke haɗe da shafin tun ranar da na buɗe shi. Ana ci gaba da rabon takin har ƙarshen wannan wata, manoman da suka yi magana da ni kuma ta shafin suke samuna, saboda haka ina roƙon amsa kafin Juma'a 27 ga Yuni.

Na gode.

Hadiza A.
'Yar jarida, Kano
Litinin, 23 ga Yuni, 2025