Wasiƙa zuwa ga Alhaji Mahamadu kan kuɗin hayar shago

Tawa, Litinin 22 ga watan 9, 2025

Assalamu alaikum Baba Alhaji, barka da warhaka. Ina gaisuwa da hwatan kana lahiya, ya Yamai, ya jikin Hajiya, Allah shi ƙara sauƙi. Ɗanka ne Abdulkarim mai atamhwa, wanda ke cikin shagonka na tsakiya nan bakin kasuwa, kusa da telan nan.

Baba na so in kira ka amma na ga maganar kuɗi gara ta zama a rubuce, in an yi ta a waya gobe wani ya ce ba haka anka ce ba, shi ya sa na zauna na rubuto, kuma na ba Malam Isuhu ƙanenka kwahi ɗaya tunda shi ke amsar haya a nan. Kamar yadda ka sani ranar 1 ga watan 10 haya ke cika, wata shida jikka 180, wato jikka 30 kowane wata, kuma tun da na shiga shagon a 2021 haka nike biya gaba ɗaya kahin ranar ta zo, rasi ɗin duk suna wurina. To wannan karon gaskiya ba ni da 180 ɗin a dunƙule. Abin da ke hannuna jikka 60 ne, shi ne nike roƙon alhwarma ka amshi sauran kashi-kashi.

Dalili kuwa ba wani ɓoyayye ba ne. Tun da anka ruhe iyakar Benin a 2023 kayan da munka saba ɗaukowa ta Kwatano su shigo ta Gaya yanzu sai ta Lome, su ratso Burkina, su shigo ta Tera, kuma kamyo ba ya tahiya shi kaɗai sai an tara su an haɗa su da rakiyar soja, to ka ga mutum ya zuba kuɗinshi ya koma yana jiran ranar da babu wanda ya san ta. Ni da wasu mutum biyu munka haɗa kuɗi munka yi odar atamhwa da shadda tun cikin damina, jarina kusan duka yana cikin wannan kayan, kuma ga kuɗin mota ya ƙaru, ga duwan na jira. Abin da ke riƙe da shagon yanzu ɗan yadin da nike sarowa ta Ƙonni ne, shi ma ribarshi kaɗan ce. Sannan kai ma ɗan gari ne ka san halin kasuwar Tawa a wannan lokaci, mutanen ƙauye ba su taɓa tuhwahi sai hatsi da wake sun shigo gida, masu albashi kuma hankalinsu duk yana kan komawar yara lakkol. Daga kaka ne abin ke motsi, bukukuwa su taso, ƴan ci-rani su aiko, ranar Lahadi har mutum ya rasa lokacin cin abinci.

Ga yadda na tsara in ka yarda. Jikka 60 ɗin zan bada su ranar 1 ga watan 10, sun ruhe watan 10 da watan 11 ke nan. Sauran 120 in raba su huɗu, jikka 30 sau huɗu: ranar 3 ga watan 11, ranar 1 ga watan 12, ranar 5 ga watan 1, sai na ƙarshe ranar 2 ga watan 2 na 2026. Duk ranakun nan Litinin ne, da gangan na zaɓe su saboda kashegarin kasuwar Lahadi ne, lokacin kuɗi na hannu ban kai ga zuba su cikin kaya ba. In ka duba lissahin da kyau Baba, za ka ga babu ranar da zan kwana cikin shagonka da bashi, kullum ina gaba da wata guda, wanda zan biya a watan 11 na watan 12 ne, haka har zuwa ƙarshe. Abin da ya canza kawai shi ne ba za su zo maka a dunƙule ba, kuma na san wannan ma ba ƙaramin abu ba ne tunda kai ma da lissahinka da hidimar gida.

Kuɗin in kana so in damƙa ma Malam Isuhu hannu da hannu ya rubuta min rasi, in kuma ka hi so su same ka can Yamai sai in turo ta Nita ko Amana, kuɗin turawa a kaina ba za a taɓa naka ko dala ba, in ɗauki hoton takardar in aiko maka a ranar.

Sai alkawari. Ba zan ce maka ba za a taɓa samun matsala ba, wannan sanin Allah ne, amma in na hango ranar za ta kuɓuce min ni zan kira ka da kwana uku kahin ta zo, ba kai za ka neme ni ba, kuma jinkirin ba zai wuce sati guda ba. In har anka wayi gari na tsallake biya biyu a jere to na yarda in kwashe kayana cikin wata ɗaya ba sai an kai ga mai unguwa ko komisariya ba, ka cire abin da kake bi na daga kosiyon jikka 60 da ke wurinka tun shigata. Kuɗin kuran da patanti ni ke biya dama kuma zan ci gaba, ba za a taɓa zuwa a yanke wuta da sunan shagonka ba. Ba zan sa wani cikin shagon ba ko in raba shi in ba da haya a bayan idonka. Kuma kwanon baya da ke yoyo, wanda na nuna ma Malam Isuhu da ruwan watan 8, da zarar ruwa ya ɗauke zan kira mai gyara in canza shi da kuɗina, ba zan cire daga haya ba.

Abu ɗaya ne ban sa ba, wato ƙari a kan kuɗin saboda jinkiri. Wani abokina ya ce in sa ko jikka 5 ne don ka yi saurin yarda, na ce mishi Alhaji ba zai amshi wannan ba, ni ma ba zan so in jawo mana abin da malamai ke hani a kai ba.

Wannan alhwarmar ta wannan zagayen ce kaɗai. Azumi zai kama cikin watan 2, ɗinkin Salla kuma shi ne babban cinikinmu na shekara, don haka in Allah ya yarda ranar 1 ga watan 4 zan koma biyan wata shida gaba ɗaya kamar da. In ma kayan Lome sunka iso da wuri kuma sunka hita, ba zan jira ranakun can ba, zan cika sauran tun kahin lokaci.

Yayana Alhaji Sale, wanda ya tsaya min ranar da na amshi makulli, ya ga wasiƙar nan kuma ya ce a shirye shike ya sa hannu a matsayin shaida tare da Malam Isuhu. In akwai abin da bai yi maka ba cikin tsarin, ko ranakun ko yawan na hwarko, ka hwaɗa min in ga abin da zan iya. Ina roƙon in samu amsarka kahin Lahadi 28 ga wata don in san inda zan dosa.

Allah shi ƙara girma da lahiya, a gaida Hajiya da yara.

Ɗanka,
Abdulkarim mai atamhwa