Amsa: Sakamakon neman aikin jagoran malaman gona, ofishin Jos

Assalamu alaikum Hajiya Binta,

Barka da aiki, da fatan kina lafiya tare da iyali da sauran abokan aiki. Na ga saƙonki na ranar 14 ga Oktoba, wanda ya sanar da ni cewa kun ɗauki wani a gurbin jagoran malaman gona na ofishinku na Jos. Na gode da kika rubuto da kanki, kuma a cikin lokacin da kika yi mana alkawari. Wanda ya daɗe yana neman aiki ya san darajar wannan, domin galibi shiru ake yi wa mutum har ya gaji ya fahimta da kansa.

Ba zan ɓoye miki ba, na ji babu daɗi, don na sa rai ƙwarai. Shi ya sa ma na bari aka kwana biyu kafin in amsa. Amma na karɓi hukuncin kwamiti hannu biyu, kuma ba ƙorafi na kawo ba, ba kuma roƙon a sake duba lamarin ba. Wanda aka ɗauka, Allah ya taya shi riƙo. Ina kuma roƙon ki miƙa godiyata ga Malam Ɗanladi da Madam Rifkatu, waɗanda muka zauna da su a ofishinku na Abuja ranar 23 ga Satumba. Na baro Jos da asuba a ranar, hazo ya rufe Hawan Kibo har direba na tafiya kamar mai lalube, na iso a makare da kusan rabin awa, amma babu wanda ya nuna mini a fuska. Ruwa ma aka fara ba ni kafin tambaya. Ban manta ba.

Alfarma biyu nake nema, ranki ya daɗe. Ta farko ita ce ki taimaka mini da sanin inda na gaza.

Dalilin da ya sa na matsu da wannan shi ne ina tsaye a mararraba. Babbar difloma nake da ita a fannin aikin gona, ba digiri ba, kuma na ɗan tara abin da zai kai ni ɗayan biyu: ko dai in koma makaranta in ƙaro takarda, wanda zai ci mini shekara ɗaya ko fiye, ko kuma in zuba kuɗin da lokacin a kan koyon sarrafa bayanai da tsara kasafin kuɗi, wanda watanni kaɗan za su isa. Aljihuna ba zai ɗauki duka biyun a tare ba. In takarda ce ta kayar da ni, gara in sani yanzu. In kuwa hannu ne bai faɗa ba, to komawa aji ɓata lokaci ne a wurina. Ke kika ga takarduna a gefen na sauran, kika kuma ga yadda na amsa tambayoyi, don haka babu wanda ya fi ki iya raba mini wannan gardama.

Na zauna na yi wa kaina hisabi, ga kuma abin da nake zargi, ki gyara mini in na yi kuskure.

Wurin da na fi jin na zame shi ne gwajin kwamfuta. An ba ni jadawalin manoma 300 a Excel, aka ce in cire sunayen da suka maimaitu, in raba sauran bisa ƙaramar hukuma, sannan in fitar da matsakaicin buhunan da kowace kadada ta bayar, duka a cikin minti 45. Na gama kashi na farko da na biyu, na uku kuwa lokaci ya ƙare ina tsakiya. Gaskiyar magana ita ce a shekara 6 da na yi ina aiki da manoma, ni mai tattara bayanai ne a gona. Ina cike tambayoyi a KoboCollect a waya, in tura, wani a ofis ya tace. Ban taɓa zama a kujerar mai tacewa ba sai a ranar. Abin da nake son sani shi ne ko wannan gwajin yana da maki mai nauyi, ko kuwa ni ne kawai na ɗauke shi da zafi.

Sai tambayar Madam Rifkatu, da ta ce in tsara kuɗin da malaman gona 6 za su buƙata na wata 3. Na lissafa man babur da alawus da kuɗin gonar gwaji, na manta da gyaran babura da katin waya, sai da ta tuna mini. Wanda ya yi shekaru yana bin hanyar Bokkos da damina a kan babur bai kamata ya manta da gyara ba, na sha kunya. Tun ina cikin mota a hanyar Keffi nake ta sake lissafin a raina.

Akwai kuma tambayar Malam Ɗanladi a kan cutar nan da ke ƙona ganyen dankalin Turawa a tsakiyar damina. A nan ban san ko na yi daidai ko na wuce gona da iri ba. Abu ne da na sani kamar tafin hannuna: yadda take farawa da tabo mai duhu a ganye, da farar hunhuna a ƙarƙashinsa da sassafe in an kwana da laima, da yadda sanyi da yayyafin Yuli da Agusta ke hura mata wuta har ta cinye gona a cikin mako ɗaya ko biyu. Na yi bayanin cewa feshin riga-kafi irin na mankozeb kafin ta bayyana ya fi feshin gaggawa bayan ganye ya yi baƙi, na yi maganar ɗaga kunya sosai don kada ruwa ya wanke ƙwayar cutar zuwa ga dankalin da ke ƙasa, da yanke ganye kamar mako biyu kafin a haƙa, da illar ajiye iri daga gonar da ta kamu. Sai da na fito na lura cewa tambayarsa ita ce yadda zan tsara malaman gona shida su isar da wannan ga manoma a kan lokaci. Ni kuma na amsa a matsayin malamin gona guda da ke tsaye a gaban manomi. Ina jin a nan ne kwamiti ya ga cewa ban saba da jagoranci ba, tunda iyakar waɗanda na taɓa shugabanta 'yan bautar ƙasa biyu ne da aka turo mana. Idan haka ne, ki faɗa mini kai tsaye, ba zan ji haushi ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na san kina da aiki a gabanki, kuma wataƙila dokar ofis ba ta yarda a bayyana maki ko a yi maganar sauran 'yan takara ba. Ba na neman ko ɗaya daga ciki. Layi biyu ko uku sun ishe ni: abu guda da ya fi rage mini maki, da abu guda da kuka ga ya kamata in riƙe. Idan magana ta fi miki sauƙi a kan rubutu, minti goma a waya ya wadatar, a duk lokacin da kika zaɓa, lambata tana saman takardun da na aiko. Idan kuma hakan ba zai yiwu ba sam, na fahimta, kuma ba zai rage komai daga godiyata ba.

Alfarma ta biyu ita ce kada a rufe fayil ɗina. Na amince ku ci gaba da ajiye takarduna, ku kuma nuna wa duk sashen da ke neman mutum.

A wajen ganawar Malam Ɗanladi ya ambata cewa kuna tunanin faɗaɗa aiki zuwa noman rani. Idan hakan ta tabbata, ina son a tuna da ni, ko da a matsayin malamin gona ne ba jagora ba, ko da kuma kwantiragin wata shida ne. Ban ɗauki hakan a matsayin ci baya ba. Na fi so in shiga ta ƙaramar ƙofa ku ga aikina da idonku. Noman rani a nan Filato yana da nasa hali: da yawa daga cikin manoman da na sani suna ban ruwa ne daga tsofaffin kududdufan da haƙar kuza ta bari a wajen Bukuru da Barikin Ladi, kuma abin da ke cinye ribarsu shi ne man injin ban ruwa da tsadar iri mai kyau. Shekara uku na yi tare da su. Na san wanda ke ajiye iri da kyau da wanda ke sayar da manya ya shuka ragowar, na san yadda farashi ke faɗuwa a kasuwar Maikatako lokacin da kowa ya haƙa a tare, da yadda dillalan Farin Gada ke karɓar kaya. Bayan Hausa da Turanci ina jin Mwaghavul gwargwado, don a Mangu na yi firamare, kuma hakan ya sha buɗe mini ƙofar da takardar ofis ba ta buɗe ba. Ina da babur nawa da lasisi, kuma zama a ƙauye ba baƙon abu ba ne a wurina.

Ban tsaya jiran amsa ba kafin in fara gyara abin da na riga na gani. Tun makon da ya wuce nake zuwa wurin wani abokina akawu da yamma, sau uku a mako, yana koya mini Excel da ainihin bayanan ƙungiyar manoman da nake yi wa aiki, bayan na nemi izinin shugabanninta. Na kuma karɓi aikin tsara kasafin ƙungiyar na noman ranin bana, abin da a da nake gudu. Maganar komawa makaranta ce kawai na jingine sai na ji daga gare ki.

Idan babu damuwa, zan sake rubuto miki gajeren saƙo a farkon Disamba, in sanar da ke inda na kai, in kuma ji ko akwai gurbin da ya buɗe. Sau ɗaya ne, ba zan dame ki da saƙonni ba. Idan kuma akwai wanda ya fi dacewa in tuntuɓa a ofishin Jos, ki nuna mini shi.

Na gode ƙwarai da lokacinki, Hajiya. Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri. A gaida Malam Ɗanladi da Madam Rifkatu.

Naki,
Nasiru Garba
Jos