Lodin riɗi na Litinin: saƙon daren jiya da kwafinsa na ofis

Saƙon da na tura zaure daren Lahadi, ƙarfe 10:40:

slm jamaa ykk. alh ya kira ynz, mai kaya yace litinin 24 xaa loda, kwantena 2 buhu 760. muna da 610 saura 150. mlm sani alhms mgtr tan 8 fari kawai bnd ja dn Allh. idi a gyara inji gobe sbd tsakuwa na wucewa wlh. laima kar ta wuce 6. BA fiya fiya ko kusa da sito. hjy takardu nxp + naqs kfn jumaa, kudin yan dako ma. drb asabar yaxo a duba mota. taro gobe 8:30 kowa da kowa. ngd sai da safe

Alhaji ya ce a mayar da shi rubutun ofis domin a saka a fayil ɗin kwangilar, kuma Malam Garba direba ya ce rabin saƙon bai karantu masa ba. Ga shi nan a warware.

Litinin, 17 ga Nuwamba, 2025

Zuwa ga: Malam Sani (sayen kaya), Malam Idi (sito da inji), Hajiya Rabi (kuɗi da takardu), Malam Garba (sufuri)
Kwafi: Alhaji, shugaban kamfani
Batu: Shirin lodin riɗi kwantena biyu zuwa tashar Apapa

Assalamu alaikum. Ina fata kowa ya tashi lafiya tare da iyali.

Daren jiya Alhaji ya sanar da ni cewa mai sayen kayanmu na ƙasar Turkiyya ya tsayar da rana. Za mu yi lodi a sitonmu na Dawanau ranar Litinin mai zuwa, 24 ga Nuwamba. Kwantena biyu ne masu ƙafa 20, kowace za ta ɗauki tan 19, wato buhu 380 mai kilo 50. Jimilla buhu 760 ke nan. A ƙirgar da Malam Idi ya yi ranar Asabar, muna da buhu 610 da aka gyara aka ɗinke, saura 150.

Malam Sani, cikon yana hannunka. Ina roƙon ka je kasuwar Maigatari ranar Alhamis, 20 ga wata, ka sayo tan 8. Abin da muke buƙata tan 7 da rabi ne, amma ka fi ni sanin abin da inji yake fitarwa na ƙasa da ƙaiƙayi, shi ya sa na ƙara rabin tan. Farin riɗi kawai kwangilar ta ambata, don haka kada a haɗa mana da ja ko da dillali ya sauko da farashi. Kowane buhu a soka shi sama da tsakiya da ƙasa kafin a ɗora a sikeli. A lodin da ya wuce mun ga buhunan da samansu tas, amma da aka zazzage sai ga yashi ya kai cikin tafin hannu biyu a gindi. Kowane ciniki a karɓi rasit mai sunan dillali da nauyin kaya. Kayan su kwana a Dawanau daren Alhamis ɗin, domin a samu Juma'a da Asabar a gyara su.

Malam Idi, injin tacewa yana barin ƙananan tsakuwa suna wucewa. Na ɗebi riɗi daga buhu uku na jerin da ke bakin ƙofa, na baza a kan farar takarda, a biyu daga ciki na tsinci tsakuwa. A kira makaniki yau ya duba rariyar, idan ta yage a canja ta. Bayan gyaran, a sake tace buhunan wannan jerin gaba ɗaya. Na san ƙarin aiki ne ga yara, kuma za a biya su kuɗin ƙarin lokaci. Ya fi mana sauƙi mu tace a nan da a buɗe kwantena a can a zaftare mana kuɗi.

Kwangilar ta ce laimar riɗin kada ta wuce kashi 6 cikin 100. A auna da na'ura, a rubuta sakamakon a littafin sito tare da kwanan wata. Wanda ya haura a shanya shi a kan tamfol, hunturu ya fara shigowa, wuni ɗaya zai isa. Buhuna kuma su zauna a kan katako, kada su taɓa siminti ko bango.

Akwai maganar da nake so kowa ya riƙe, har masu gadi da 'yan dako. Ba a yarda a shigo da fiya-fiya ko wani maganin ƙwari na fesawa cikin sito ko harabarsa ba, ko da don sauro ne da dare. Riɗi yana da mai, yana riƙe magani, kuma masu saye suna kai samfur ɗakin gwaji kafin su karɓi kaya. Sinadarin da ke cikin fiya-fiya shi ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015. Idan an ga ƙwari a sito, a sanar da ni, kamfanin feshi mai lasisi ne kaɗai zai yi aikin, ya kuma ba mu takardar shaida. Malam Idi, don Allah ka faɗa wa masu gadi wannan baki da baki, ba ta waya ba. Za mu saya musu gidan sauro.

Hajiya Rabi, ina roƙon ki bibiyi banki a kan fom ɗin NXP na fitar da kaya ƙasar waje, ki kuma nemi jami'an NAQS, hukumar da ke duba lafiyar kayan noma, su zo su duba kaya domin takardar shaidar lafiyar tsirrai. Ina so duk abin da yake hannunmu ya kammala kafin sallar Juma'a, tunda ba a samun kowa a ofisoshin nan Asabar da Lahadi. Nauyi da adadin buhu su zo daidai a kowace takarda, domin bambancin lamba ɗaya kan iya tsayar da kaya a tasha. Kuɗin Malam Sani su shiga asusunsa ranar Laraba. Na 'yan dako kuma a tanade su tun Juma'a, a biya kowa ranar lodi kafin magariba.

Malam Garba, ka kawo motocin biyu ranar Asabar da safe a duba taya da birki da takardu. A share cikin kwantenonin, a shiga a rufe ƙofa a ga ko haske yana shigowa ta wani rami, a kuma tabbatar babu warin mai ko taki. Daga Kano zuwa Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, ba na son a yi tuƙin dare don a cike lokaci. Ka ba Hajiya sunan direba na biyu da lambar motarsa yau.

Za mu yi taro yau da ƙarfe 8:30 na safe a ofishin sito, ba zai wuce rabin awa ba. Wanda ya ga abin da zai hana shi cika nasa ɓangaren a kan lokaci, ya faɗa a wurin taron, tun da sauran kwana bakwai a gabanmu. Ina roƙon kowa ya amsa wannan saƙo da kansa domin in san ya gani.

Na gode da ƙoƙarinku. Allah ya ba mu sa'a.

Bashir
Manajan ayyuka