Saƙo ga Hauwa'u kan jiƙe-jiƙen masu ciki da masu jego

Salamu alaikum Hauwa'u 'yata, ya jego ya kwanan ɗan baba, Allah ya raya mana shi. Na saurari saƙon muryarki tun da asuba amma aiki ya riƙe ni, yau ranar awo ce mata sun cika ɗakin shan magani sai yanzu bayan la'asar na samu zama. Na ji kin ce yaro na ta murɗe-murɗe da daddare, Inna ta jiƙa miki filasko da wasu sassaƙe ta ce ki sha ya wanke ki ya wanke shi ta nono, kuma an kawo dauri za a fara ɗura masa. Dan Allah ki dakata tukun, ki karanta wannan har ƙarshe sannan ki karanta wa faccalarki Rabi tunda ita ma cikinta ya shiga wata biyar.

Ni fa ban taɓa cewa itace ba magani ba ne, ai da shi aka raine mu, kuma magungunan asibiti da yawa daga tsirrai aka samo su, har maganin zazzaɓin cizon sauro da muke bayarwa yanzu asalinsa ganye ne. To abinda ke ba ni tsoro ke nan, magani ne na gaske mai ƙarfi amma ba shi da awo. Ƙwayar asibiti an san nauyin abinda ke cikinta, shi kuwa jiƙo yau Inna ta zuba dunƙule ɗaya gobe biyu, yau ya kwana a ruwa gobe ya kwana uku, ganyen damina daban na rani daban, ba wanda zai iya gaya miki ƙarfin abinda ke cikin ƙwaryar nan ko wanda ya haɗa shi.

Bari in fara da Rabi. Mai ciki duk abinda ta sha ya shiga jininta, jinin nan yana zuwa mabiyiya, abubuwa da yawa kuma suna ratsawa su kai ga ɗan. Wata uku na farko su ne ake halittar zuciya da ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, lokacin da wata ma ba ta gaya wa kowa tana da ciki ba, sai ta ji kasala da tashin zuciya a ce shawara ce ko basir a dafa mata darbejiya da maɗaci ta yi ta kwankwaɗa. Sannan akwai masu taɓa mahaifa kai tsaye su sa ta murɗawa, irin su man zurma, ɗanyar gwanda mai ƙaron nan fari, garahuni, saiwar zogale da ɓawonsa, hulba in aka sha da yawa. Masu sa zawo mai ƙarfi irin filasko su ma in aka zarce suna ƙarar da ruwan jiki. In ciki ƙarami ne ɓari, in ya tsufa haihuwar bakwaini. Ganyen zogale a kwaɗo ko a miya wannan abinci ne ta ci ta ƙoshi, haka citta da kanumfari ɗan na kunu, haka yakuwa a miya, abinda nake magana a kai shi ne wanda aka tafasa ya yi kauri ana sha kofi-kofi da sunan magani.

Wanda ya fi ci min rai wallahi shi ne maganin zaƙi da na saurin naƙuda. Mu ma a asibiti muna da allurar da ke ƙara naƙuda, amma ɗigo-ɗigo ake sa ta a ƙarin ruwa ana sauraren bugun zuciyar yaro, da an ga ta yi yawa sai a rufe. Jiƙo in ya shiga ciki wa zai rufe shi? Da idona na ga wata baiwar Allah da aka kawo mana cikin dare a amalanke, haihuwa ta bakwai, an ba ta abu ta sha tun magariba mahaifa na ta matsa ba hutu alhali ɗan a gicciye yake, kafin mu samu motar da za ta kai ta babban asibiti mahaifar ta fashe. Ita ta rayu da ƙyar, ɗan bai zo da rai ba, har yau in na tuna fuskar uwarta da ta jiƙa mata da hannunta don so sai in ji hawaye. Ki ce wa Rabi ta riƙe jan maganin ƙarin jini da fansida da ake ba ta wajen awo, ta kwana a gidan sauro, in zazzaɓi ya kama ta ta zo a gwada jini.

To ke kuma mai jego, nono daga jininki ake yinsa, abinda kika sha wani ɓangarensa na iya biyowa. Ke babba ce hantarki da ƙodarki sun ƙosa za su tace su fitar, shi kuwa ɗan kwana goma sha biyu nasa ba su gama ƙwari ba, abin sai ya daɗe a jikinsa. Filasko in kika sha da yawa ke za ki galabaita ga jinin haihuwa bai gama tsayawa ba, shi ma yana iya kama zawo, kuma jariri in ya yi zawo yini guda ruwan jikinsa ke ƙarewa ki ga maɗiga ta faɗa ido ya zurma. Duk haɗin da kika ji an ce da zaƙami ko tumfafiya a ciki kar ya kusanci bakinki, guba ne. Haka kayan matan da ake tallarsu a jarka ranar kasuwa da garin da ba a san me aka daka ba, ko da lambar NAFDAC a jiki wannan ba ya nufin mai ciki ko mai shayarwa za ta iya sha.

Batun dauri kuwa a'a, ko cokali ɗaya. Har ya cika wata 6 nono zalla, ba ruwa ba jiƙo ba rubutu, nonon akwai isasshen ruwa a ciki ko a zafin bazara. Zuma ma sai ya shekara, tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya yaƙarta ba. Murɗawar nan da yake yi yawanci iska ce, in ya gama sha ki ɗora shi a kafaɗa ki shafa bayansa ya yi gyatsa. In kina ganin nonon ya yi kaɗan ki yawaita sa shi dare da rana, tsotso ne ke kawo shi, ki ci tuwo ki sha kunun gyaɗa da ruwa sosai. Kunun kanwa kuma a rage kanwar, akwai gishiri sosai a cikinta, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ta da ciwon zuciyar da ke kama masu jego ita da kwanciya kan gadon wuta.

Na san nauyin da ke kanki, haihuwar fari kina gida wajen wanka, ba za ki iya kallon idon Inna ki ce ba ki sha ba. Kar ki yi musu da ita, ki ce Gwaggo Lami ta ce a dakata har ta zo, ki ɗora min laifin ni zan iya da ita, yayata ce. In kin riga kin sha wani abu kar ki ɓoye min, ki ajiye ragowar da ganyen in gani. Amma in kika ga ya ƙi kama nono, ko barci ya yi masa yawa kina tashinsa ba ya tashi, ko jiki zafi, ko ido da tafin hannu sun yi ɗorawa, kar ku jira ni kar ku jira gari ya waye, baban yaro ya nemo mota ku tafi asibitin Ringim. In ba haka ba ina nan tafe ranar Asabar da hantsi in sha Allah, ki gaishe min da Inna da Malam.